Hutun haihuwa na uba, na riƙon yaro da na rasuwa: kada a cire su daga hutunka na shekara

Sabon zuwa yakan ji kalmar hutu a wurin aiki ya ɗauka duk abu ɗaya ne. Matarsa ta haihu, sai ya je wurin manaja ya ce a cire masa kwana goma daga hutunsa na shekara, manaja kuma ya sa hannu ba musu, tunda abin da aka roƙa ke nan. Sai daga baya ya gane cewa doka ta ware masa wasu kwanaki dabam domin wannan haihuwar, shi kuma ya cinye waɗanda zai buƙata nan gaba. Zan yi bayanin da dokar Birtaniya, wato yadda take a Ingila da Sikotilan da Wels, domin Arewacin Ayalan tana da nata tsarin. Wanda yake wata ƙasar zai ga alƙaluma sun bambanta, amma tambayoyin da zai yi su ne dai waɗannan.

Hutun shekara kamar ajiya ne da ke taruwa tun ranar da ka fara aiki. Dokar lokutan aiki ta 1998 ita ce tushensa, kuma a yau mako 5.6 ne a shekara, wato kwana 28 ga mai aikin kwana biyar a mako. Mai aiki yana da damar lissafa ranakun hutun gwamnati a cikin 28 ɗin. Ba wanda zai tambaye ka dalilin ɗaukarsa, ana biyanka albashinka yadda ka saba, kuma idan ka bar aiki da saura a hannunka, a kuɗi za a ba ka. Rauninsa ɗaya ne: manaja na iya hana ka ranakun da ka zaɓa idan aiki ya yi yawa, ya ce ka nemi wasu.

Sauran ukun ba sa taruwa. Wani abu ne ke faruwa ya buɗe ƙofarsu, haihuwa ko zuwan yaro ko rasuwa, idan kuma lokacin ya wuce ba ka ɗauka ba, sun tafi, ba mai biyanka kuɗinsu. Ba a cire su daga kwana 28 ɗinka. Hasali ma, kana gida kana hutun uba ko na riƙo, hutunka na shekara yana ci gaba da taruwa kamar kana zuwa aiki.

Na uba shi ne ya fi shafar mutane, don haka bari mu bi shi a hankali. Mako ɗaya ne ko biyu, ko da tagwaye aka haifa. Ba ya farawa sai an haihu. Tun Afrilun 2024 an yarda ka raba shi, mako ɗaya yanzu, ɗaya daga baya, muddin ka gama cikin mako 52 bayan haihuwar. Mako a nan yana nufin yawan kwanakin da ka saba aiki, mai zuwa kwana uku a mako kwana uku ne makonsa. Idan ka cika sharuɗɗa ka kuma ba da sanarwa kan lokaci, manaja ba shi da ikon hana ka ko ɗage maka rana, kuma nan ne ya sha bamban da hutun shekara.

Sai dai a raba abu biyu da mutane ke haɗewa: haƙƙin zama a gida, da haƙƙin a biya ka. A da, dukansu suna buƙatar ka yi mako 26 a wurin aikin. Daga Afrilun 2026 hutun kansa ya zama haƙƙi tun ranar farko da ka kama aiki, amma kuɗin yana nan da sharaɗinsa na mako 26. Ga sabon zuwa, wannan shi ne inda ƙafa ke zamewa.

Mu ɗauka wani ɗan'uwa yana aiki a gidan kula da tsofaffi, yana samun fam 500 a mako, likita kuma ya ce matarsa za ta haihu ranar Laraba 14 ga Oktoban 2026. Lissafin doka daga Lahadi yake farawa, saboda haka makon haihuwar ya fara ranar 11 ga Oktoba. A ƙirga mako 15 baya, sai a sauka kan makon da ya fara Lahadi 28 ga Yuni ya ƙare Asabar 4 ga Yuli. Wannan makon shi ne ma'auni. Kafin ya ƙare, ya kamata ɗan'uwan ya sanar da wurin aikinsa cewa ana sa ran haihuwa kuma zai ɗauki hutu. Kuma zuwa wannan makon ne ake duba ko ya cika mako 26 da wannan mai aikin ba yankewa. Idan ya kama aikin a farkon Janairu ko kafin nan, ya cika. Idan a watan Maris ya fara, zai samu makonni biyunsa amma ba kuɗin doka. A taƙaice, wanda ya kama aiki bayan an ɗauki cikin, da wuya ya samu kuɗin.

To, a ce ya cika. Nawa za a ba shi? Ko dai kashi 90 cikin ɗari na matsakaicin abin da yake samu a mako, ko kuma adadin da gwamnati ta yanke, duk wanda ya fi ƙanƙanta. Adadin ya koma fam 194.32 a mako daga Afrilun 2026, kuma a kowane Afrilu ake sake duba shi. Makonni biyu za su ba shi fam 388.64 maimakon 1,000, kafin a cire haraji. Gibin ya haura fam 600, a daidai watan da hidima ta ƙaru a gida.

Wannan gibin ne ke sa wasu su ce gara su ɗauki hutun shekara su karɓi cikakken albashi. Na fahimci dalilinsu, kuma ba zan ce kuskure ne ga wanda kuɗin haya ya matsa masa ba. Amma kafin ka yanke, buɗe kwantiraginka da littafin ƙa'idojin ma'aikata, domin wurare da yawa suna cika wa ma'aikaci albashinsa a mako ɗaya ko duka biyun. Idan ba sa cikawa, raba hutun yana rage zafin: mako ɗaya na uba bayan haihuwa, ka ɗora mako ɗaya na shekara a kai, ka ajiye ɗaya makon na uba zuwa wani watan da aljihu ya ɗan farfaɗo. Kowane mako dai sai ka ba da sanarwar ranar farawa kwana 28 kafin lokacin. A manhajar neman hutu ta wurin aiki, ka tabbata ka zaɓi `paternity leave` ba `annual leave` ba, sannan ka duba takardar albashinka ko an rubuta SPP, wato kuɗin hutun uba na doka. Idan ka ga kwanakinka na shekara sun ragu, an shigar da shi a gurbin da ba nasa ba. Idan kuma an ce ba ka cancanci kuɗin ba, dole a ba ka dalili a rubuce, galibi a fom mai suna SPP1.

Masu bizar aiki sukan ji tsoron karɓar wannan kuɗi, tunda an rubuta musu cewa ba su da damar cin tallafin gwamnati. Kuɗin hutun uba ba ya cikin jerin tallafin da aka hana, ta hanyar albashi yake zuwa. Abin da ya fi kamata a duba shi ne matsayinka a wurin aikin. Hutun na cikakken ma'aikaci ne. Shi kuwa wanda kamfanin samar da ma'aikata ke turawa nan da can yana iya samun kuɗin ya rasa haƙƙin hutun a doka.

Hutun riƙon yaro ya fi kama da na mai jego: mako 52, ana biyan 39 daga ciki, shida na farko kashi 90 cikin ɗari, sauran 33 a kan adadin nan na gwamnati ko kashi 90, duk wanda ya fi ƙanƙanta. Mutum ɗaya ne cikin ma'aurata ke ɗauka, ɗayan ya ɗauki na uba. Ana sanar da wurin aiki cikin kwana 7 bayan hukumar da ke kula da riƙo ta haɗa ka da yaro. Kalmar hukuma ita ce mabuɗin. Wanda ya ɗauko ɗan yayansa ko na ƙanwarsa ya riƙe, ko ya karɓi agolansa, ko aka yi yarjejeniya tsakanin iyalai biyu, bai shiga wannan hutun ba, komai nauyin da ya hau kansa. Yana da kyau a san haka tun kafin yaron ya iso.

Na rasuwa shi ne mafi rauni a doka, kuma shi ne ke zuwa ba shiri. Idan ɗanka ne da bai kai shekara 18 ba ya rasu, ko aka haifi jariri ba rai bayan ciki ya kai mako 24, akwai mako biyu tun Afrilun 2020, ana iya ɗaukarsu cikin mako 56. Ga mahaifi, mahaifiya, mata ko miji, abin da dokar haƙƙin ma'aikata ta 1996 ta bayar shi ne ɗan lokaci daidai gwargwado domin shirya jana'iza da halartarta, ba ta faɗi yawan kwanaki ba, ba ta kuma tilasta a biya ba. Duk abin da ya wuce nan, kwantiragi ne da tausayin mai aiki. A Ostareliya kuwa doka ta yanke kwana biyu da albashi a kowace rasuwa ta makusanci, ban da masu aikin wucin gadi da ke samun kwanakin ba biya.

Kwana biyu ko uku ba sa isar wanda iyayensa ke wata nahiya. Saboda haka nake ba da shawarar kada a ƙarar da hutun shekara tun tsakiyar shekara, a bar ko da mako ɗaya a ajiye. Idan labarin ya zo, ka kira manaja nan take, ka biyo da saƙo a rubuce: wa ya rasu, yaushe za ka tafi, yaushe za ka dawo, kwana nawa na rasuwa ne, nawa na shekara, nawa ba albashi. Wasu wuraren sukan nemi takardar shaidar rasuwa bayan ka dawo, don haka ka taho da kwafinta. Mai bizar da kamfani ya ɗauki nauyinsa ya kula da na ƙarshen: zama ba albashi fiye da mako huɗu a shekara ɗaya, daga Janairu zuwa Disamba, yana iya sa kamfanin ya janye ɗaukar nauyin. Hutun uba da na riƙo na doka ba sa shiga wannan lissafin, amma ƙarin makonnin da ka roƙa domin tafiyar rasuwa suna iya shiga. Idan kai da wurin aikinka kun kasa daidaitawa kan ɗaya daga cikin waɗannan, hukumar sasanta rikicin ma'aikata, Acas, tana ba da shawara kyauta ta waya.