Darasi na 9: Yadda Ake Sake Tsara Takardar Hayar Shago

Wata ɗalibarmu mai sayar da atamfa a kasuwar Terminus da ke Jos ta kawo takardar hayar shagon da take shirin kamawa, ta ce a duba mata kafin ta sa hannu. Ga abin da ke ciki:

"Mai shago zai biya naira 240,000 a shekara da 30,000 na ajiya. Mai shago zai gyara rufi idan ya yi yoyo, a kuma kula da ƙofa. Idan ba a biya kuɗin ba, wata uku ya tashi. Za a mayar da kuɗin kamar yadda aka faɗa a sama."

Na tambayi aji, wane ne mai shago? Rabi suka ce Alhajin da ya gina shi, rabi suka ce Hajiya da za ta zauna ciki. Duka biyun Hausa ce daidai, kuma nan rigimar take kwance. Ruwan Agusta a Jos ba ya jiran a gama gardama, ranar da ya sauka kan atamfa kowa zai ce ba shi aka nufa da gyaran rufi ba. Haka "kuɗin": na haya ko na ajiya? "A sama" kuma, ina ne?

Don haka aikin farko shi ne raɗa wa kowa da kowane abu suna guda, a tara su a sashe na 1:

1.1 "Mamallaki" shi ne wanda ginin yake nasa.
1.2 "Ɗan Haya" shi ne wanda ya kama shagon, mace ko namiji.
1.3 "Kuɗin Haya" naira 240,000 ne a shekara.
1.4 "Kuɗin Ajiya" naira 30,000 ne.
1.5 "Wata" yana nufin watan bature.

Kada ku raina 1.5. Galibi wata uku na Musulunci ba sa kai wata uku na bature yawan kwanaki. In an raɗa suna kuma, a riƙe shi har ƙarshe da babban baƙinsa. Wanda ya rubuta "Mamallaki" a shafin farko, "maigida" a na biyu, ya buɗe ƙofar a ce mutum biyu ne.

Sai lambobi. Kowane batu da lambarsa, kowane alkawari da layinsa, kuma salo ɗaya: in an fara da 2.1, kada a koma (a) ko (ii) a tsakiya. Wanda zai gyara rufi, ba mu muka yanke ba. Hajiya ta koma ta ce, "Alhaji, rufin nan wa ke da shi?" Ya ce, "Nawa ne, ƙofa da kwado naki." Sannan muka rubuta:

2.1 Ɗan Haya zai biya Kuɗin Haya ranar 1 ga Janairu.
2.2 Zai ba da Kuɗin Ajiya ranar karɓar makulli.
3.1 Gyaran rufi na Mamallaki ne.
3.2 Gyaran ƙofa da kwado na Ɗan Haya ne.
4.1 Idan Ɗan Haya ya saɓa sashe na 2.1, za a ba shi takardar tashi ta Wata uku.
4.2 Ranar tashi za a mayar masa da Kuɗin Ajiya, bayan an cire kuɗin gyaran da ke sashe na 3.2 in bai yi ba.

Kun ga "a sama" ta ɓace, yanzu 4.2 yana nuna 3.2 da yatsa.

To, ga inda ake faɗawa rami. Daga baya Alhaji ya ce a ƙara maganar wutar lantarki, mai buga takardu ya cusa ta a matsayin sashe na 3. Gyara ya zama 4, tashi ya zama 5. Amma cikin layin mayar da Kuɗin Ajiya har yanzu "3.2" ne a rubuce, alhali sabon 3.2 maganar mita yake yi. Da an sa hannu haka, kuɗin wuta za a cire wa Hajiya, ba na ƙofa ba. Ido ba ya kama wannan da karatu ɗaya. Ku ɗauki fensir, ku zagaye duk inda aka ce "sashe na", ku je wurin, ku karanta da ƙarfi ku ji ko maganar ta dace. Ni dai na fi son a sa sabon batu a ƙarshe, don lambobin baya su zauna inda suke.

Duk wannan kafin sa hannu ne. Takardar da aka riga aka sa wa hannu, mutum ɗaya ba ya gyara ta, sai ɓangarorin biyu sun yarda sun sa hannu a sabuwar.

Aikin gida: ku kwafe takardar, ku sa maganar wuta a sashe na 3, ku sake jera lambobin, sannan ku rubuta wace lamba mai nuna wani sashe ce ta canja da wadda ba ta canja ba.