Famfo na juyi amma ruwa ba ya zuwa? Duba iska

Jama'a, in injin ruwa yana juyi amma bai kawo ruwa ba, ku kashe shi nan take, domin gudu a bushe yana ƙona sil, wato abin da ke hana famfon yoyon ruwa. Galibi iska ce ta maƙale a bututun tsotso, shi kuwa famfo mai farfela ba ya iya jan iska.

Ku kwance murfin da ke saman famfon, ku dura ruwa a hankali har ya tumbatsa, kumfa ta daina fitowa, sannan ku ɗaure ku kunna.

In ruwan da kuka dura yana zurarewa ƙasa, bawul ɗin gindin bututun ne ke yoyo, a gyara shi tukuna. Kuma bututun ya riƙa hawa zuwa famfo ba tare da doro ba, don a doron iskar ke taruwa.