Darasi na Bakwai: Rawar Hannu da Zufa Kafin Magana a Gaban Jama'a

Mu ɗauki misalin ma'ajin wata ƙungiyar manoma. An sa ranar Asabar bayan la'asar zai karanta wa mambobi lissafin kuɗin taki. Lissafin daidai yake, ko kwabo bai ɓata ba. Amma tun shugaba yana jawabin buɗe taro, tafin hannun ma'aji ya jiƙe, zufa na bin bayansa, bakinsa ya bushe, takardar da ke hannunsa kuwa sai kaɗawa take yi. Abin da ya fi damunsa shi ne kada mutane su ga wannan rawa su ce ya ci kuɗi ne.

Me yake faruwa a jiki?

A saman kowace ƙoda akwai wata 'yar tsoka da ke fitar da sinadari mai suna adiranalin. Da zarar ƙwaƙwalwa ta ga alamar haɗari, sai wannan sinadari ya shiga jini. Zuciyar babban mutum da ke zaune lafiya tana bugawa sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya, amma a wannan hali tana iya wuce haka. Tsokoki su ɗaure, jiki ya fara fitar da zufa, yawu ya ragu. Duk shirin gudu ne ko kokawa. To ga shi ma'aji yana zaune a kan benci, ba gudu, ba kokawa. Ƙarfin da ya taru a tsoka bai sami aikin yi ba, shi ne yake fitowa a matsayin rawa.

Saboda haka cewa mutum "ka daure, ai kai namiji ne" ba ya tsayar da komai. Jiki ne ya tashi, ta jiki kuma za a bi a kwantar da shi.

Numfashi

Mai fargaba yana numfashi sama-sama da ƙirji, da sauri. Wannan yana kawo jiri da jin kamar allura na tsikarin yatsu, sai tsoron ya ƙaru. A nan mutane da yawa suke kuskure: an ce musu su ja dogon numfashi, sai su yi ta zuƙar iska da ƙarfi, abin ya ƙara ɓaci. Aikin yana wajen fitar da iskar ne, domin duk lokacin da mutum ke fitar da numfashi a hankali, bugun zuciyarsa yana ɗan sassautawa.

Ga yadda ma'aji zai yi yana zaune, ba wanda zai lura. Ya ɗora hannu ɗaya a kan cikinsa. Ya shaƙi iska ta hanci yana ƙirga ɗaya zuwa huɗu a zuci, ya bari ciki ya ɗago, kafaɗu kuwa su zauna inda suke. Sannan ya fitar ta baki a hankali, kamar mai hura koko mai zafi, yana ƙirga ɗaya zuwa shida. Shiga da fita sun ci daƙiƙa 10 ke nan, wato numfashi 6 a minti ɗaya. Ya yi sau 12, minti biyu sun cika. Idan ƙirga shida ta yi masa tsawo, ya shaƙa da uku ya fitar da biyar. Abin lura dai, fita ta fi shiga tsawo.

Alamar abin ya kama ita ce kafaɗu su sauko, yawu ya dawo baki. Idan jiri ya ji, to ya cika zuƙa, sai ya rage.

Musulmi da yawa kan karanta addu'ar Annabi Musa, alaihis salam, da ke Suratu Ɗaha, aya ta 25 zuwa 28, inda ya roƙi Allah ya buɗe masa ƙirji ya warware masa ƙullin harshe. A karanta ta a natse, kowace aya da fitar numfashi ɗaya.

Hannu

Kafin a kira shi, ma'aji ya dunƙule hannuwansa biyu tam a cikin aljihu ko ƙarƙashin babbar riga, ya ƙirga biyar, ya saki ya ƙirga goma. Mace ta yi haka a cikin hijabi ko mayafi. Sau uku zuwa biyar ya isa. Ya kuma danna tafin ƙafafunsa a ƙasa da ƙarfi, ya saki. In da hali ya fita ya ɗan taka na minti biyu, ya fi.

Sai maganar takarda. Fallen takarda ɗaya yana tona asiri, don 'yar rawa kaɗan sai ta sa bakin takardar ya yi ta kaɗawa kowa na gani. Ya ɗora ta a kan kwali ko littafi mai kauri, ya riƙe da hannu biyu, ya manna gwiwar hannu a haƙarƙari. In akwai tebur ya ajiye ta, ya dafa. Makirufo ma haka, gwiwar hannu a jikin haƙarƙari. Kuma kada ya ƙanƙame shi, domin matsewa da ƙarfi tana ƙara rawa.

Zufa

Zufa ba ta tsayawa da saurin da rawa ke lafawa, sai dai a yi dabara da ita. Ya wanke fuska da hannu da ruwan sanyi, ko ya riƙe ledar ruwa mai sanyi a tafinsa na minti ɗaya. Ya sa singileti na auduga a ciki, hankici a aljihu. Ya kurɓi ruwa kaɗan-kaɗan. Share goshi a gaban jama'a ba abin kunya ba ne, musamman a zafin Afrilu da kowa ke yi.

Abin da ke ƙara ta'azzara shi

Wasu kan ɓantari goro ko su sha shayi mai kauri don su sami kuzari. Goro da shayi da kofi da lemon ƙara ƙarfi duk suna ɗauke da wani sinadari mai suna kafin, shi kuwa yana ƙara bugun zuciya da rawar hannu, kuma yana ɗaukar sa'o'i kafin ya bar jiki. Taron la'asar ne? To a haƙura da su tun hantsi. Yunwa ma tana kawo rawa da zufa, don haka a ci abu mara nauyi kamar awa ɗaya ko biyu kafin taro. Mai ciwon suga da ke shan magani ko allura, in rawa da zufa suka taso masa, ya fara zargin faɗuwar suga, ya sha abu mai zaƙi.

Kada a je kemis a sayi ƙwaya don an ji wani ya sha. Akwai maganin da likita kan rubuta don wannan matsala, amma yana da haɗari ga mai asma da mai wasu cututtukan zuciya.

Da ya miƙe

Minti na farko ne ya fi wuya. Ma'aji ya haddace jimlolinsa uku na farko: sallama, gaisuwa ga shugaba da dattawa, sannan "zan karanta muku abin da ya shigo da abin da ya fita." Ya dubi mutum ɗaya da ya saba da shi, ya yi kamar shi yake gaya wa. Bayan kowane adadi ya tsaya ya fitar da numfashi. Masu sauraro ma suna bukatar wannan tsayawa don su riƙe lissafin.

Lokacin zuwa asibiti

Rawar fargaba tana zuwa da taro, ta tafi da taro. A ga likita idan hannu yana rawa ko a gida ana zaune, ko akwai rama da kumburin wuya, ko zufar dare tare da tarin da ya kai mako biyu. Ciwon ƙirji mai sauka hannu ko haƙora tare da zufa mai sanyi kuwa, a bar taron a nufi asibiti nan take.

Aikin aji

1. Ku kasu biyu-biyu. Ɗaya ya yi numfashi 12, ɗaya ya duba agogo. Minti nawa ya ci?
2. Kowa ya rubuta jimloli uku da zai buɗe jawabi da su, ya miƙe ya karanta, sau ɗaya da fallen takarda, sau ɗaya a kan kwali.
3. Za a yi taro ƙarfe 4 na yamma. Rubuta abin da za ka ci, da abin da za ka bari, da lokacin kowanne.