Yadda ake zana kewayen matsi da yawan jini na zuciya ba tare da hadda ba

Shekarar da na fara karatun likita a nan Maradi, na haddace zanen nan tsaf kamar karatun allo. Ranar jarrabawa sai aka ce a zana shi ga mai ciwon ƙofar mitiral, na zauna ina juya bik har lokaci ya ƙare. Daga baya na gane cewa kusurwa huɗu ce kawai a zanen, kuma kowace kusurwa ƙofa ce ta buɗe ko ta rufe. Wanda ya riƙe wannan zai iya fitar da sauran da kansa.

Ɗauki bantirikil na hagu kamar zaure mai ƙofa biyu. Jini yana shigowa ta ƙofar mitiral daga oriyat, ɗakin zuciya da ke samansa, yana fita ta ƙofar awot, babbar jijiyar da ke kai shi zuwa jiki. Ba mai gadi a bakinsu. Matsi ne ke tura su: ɓangaren da ya fi matsi shi ke buɗewa ko rufewa.

Ja layi biyu tukuna. Na kwance shi ne yawan jinin da ke cikin bantirikil, daga 0 zuwa 200 ml. Na tsaye matsi ne, daga 0 zuwa 200 mmHg. Bar fili da yawa, domin zanen masu ciwo zai buƙace shi.

Fara daga ƙasa ta dama. Sa ɗigo a 120 ml, matsi wajen 10. Zaure ya cika, tsoka ta fara matsewa, matsin ciki ya wuce na oriyat, sai mitiral ta rufe. Wannan rufewar ce sautin farko da ake ji da abin aunawa. Daga nan ja layi ya miƙe sama cak har zuwa 80.

Dakata a kan wannan layin, don rabin makin yana nan. Nemi sirinji marar allura, cika shi da ruwa, toshe bakin da babban yatsa, ka danna. Za ka ji ƙarfin yana taruwa a yatsanka, amma ruwan yana nan a kan lambarsa, ko ɗigo bai ragu ba. Haka bantirikil yake a wannan ɗan lokaci: ƙofa biyu a rufe, matsi na hawa, yawan jini bai motsa ba. Layi ba ya miƙewa tsaye a zanen nan sai idan duka ƙofofin sun rufe ruf.

A 80 matsin ciki ya wuce na awot, ƙofarta ta buɗe. Ja baka zuwa hagu, ya hau har 120, ya sauko kusan 100 a daidai 50 ml. Nan awot ta rufe, sauti na biyu ke nan. Sai layi ya faɗo tsaye zuwa ƙasa, tsoka na saki, ƙofofi a rufe. Da matsi ya sauka ƙasa da na oriyat, mitiral ta buɗe, ka ja layin ƙasa zuwa dama ka koma inda ka fara. Tafiyar saɓanin hannun agogo ce, kamar ɗawafi. Sa kibiya, masu gyaran takarda suna dubawa.

Faɗin kewayen shi ne jinin da ya fita a bugu ɗaya. Da haruffan da malamanmu ke rubutawa a allo, VES ke nan. VTD jinin da ke cikin zaure idan ya cika, VTS wanda ya rage bayan matsewa, FE kuma kason da ya fita daga abin da ya cika:

VES = VTD − VTS = 120 − 50 = 70 ml

FE = VES / VTD = 70 / 120 = 58%

Filin da ke cikin kewayen kuma aikin da tsokar ta yi ne. Abin da zanen ba ya nunawa shi ne lokaci. Idan zuciya na bugu 75 a minti, zagaye ɗaya daƙiƙa 0.8 ne, sistol wato matsewa 0.3, diyastol wato saki da cika 0.5, amma ba inda za ka karanta wannan a kan kewayen.

Yanzu ciwon ƙofa. Tambaya ɗaya za ka yi wa kanka: ƙofar ta ƙi buɗewa sosai ne, ko ta ƙi rufewa?

Idan ƙunci ne, ƙofar tana rufewa, saboda haka bangaye biyu na tsaye suna nan yadda suke. A ƙuncin awot, bantirikil sai ya yi matsi 180 ko 200 kafin ya tura jini ta ƴar kafa, kuma ba ya gama juyewa. Kewayen ya yi tsawo, bangon hagu ya matso dama. Kula, matsin da ke zanen na cikin bantirikil ne. Wanda za ka auna a hannun maras lafiya yana iya zama daidai ko ƙasa. A ƙuncin mitiral, wanda galibi ragowar zazzaɓin rumatis ne bayan ciwon maƙogwaro na ƙuruciya, kafar da ya kamata ta kai santimita murabba'i 4 zuwa 6 takan ragu ƙasa da 1.5. Zaure ba ya cika, bangon dama ya ja hagu, kewayen ya ƙanƙance. Ɗalibai da yawa suna ɗaga tsawonsa saboda sun ji kalmar ƙunci. Kuskure ne. Matsin ya taru a oriyat da huhu, kuma oriyat ba ta cikin wannan zanen.

Yoyo ya fi daɗin tambaya ga malamai, don haka mu yi lissafi guda. An ba ka mai yoyon mitiral: VTD 160 ml, VTS 40 ml, zuciya na bugu 80, jinin da ke isa jiki lita 4.8 a minti. Koma ga sirinjinka, ka ɗan sassauta yatsa. Kana dannawa ruwa na tsartuwa. Haka nan, da tsoka ta fara matsewa jini ya fara komawa oriyat tun kafin awot ta buɗe, sai bangon dama ya karkata hagu. Bayan awot ta rufe ma yoyon bai tsaya ba muddin matsin bantirikil ya fi na oriyat, bangon hagu shi ma ya karkace. Faɗin kewayen 120 ml ne, FE ta kai 75%. Kyakkyawar lamba, amma yaudara ce. Raba 4800 da 80, ka sami 60 ml. Wannan ne kawai ya bi ta awot. Sauran 60 sun koma baya, rabin aikin tsokar ke nan. Shi ya sa a wannan ciwo, idan FE ta sauko zuwa 60% ake ɗauka tsoka ta fara gajiya, alhali ga wani lambar lafiya ce.

Yoyon awot yana ɓata bangon hagu fiye da komai. Tsoka na saki, jini na dawowa daga awot, yawan jini na ƙaruwa tun mitiral ba ta buɗe ba, layin ya faɗo yana karkata dama. Zaure na cika ta ƙofa biyu, VTD ta yi nisa, kewayen ya yi faɗi ya gusa dama. Tun da awot na zubar da jininta baya, matsinta na ƙasa yakan faɗi zuwa 50 ko 40, kusurwar da ƙofar ke buɗewa ta sauko. Irin wannan ne za ka auna ka ga 160 bisa 50.

A takardar jarrabawa, fara zana na mai lafiya da fensir da ɗigo-ɗigo, ka ɗora na maras lafiya a kansa da bik, ka rubuta sunan ƙofa a kowace kusurwa. Idan yoyo ne, ajiye rula, ka ja bangayen da hannu yadda karkatar za ta fito fili.