Yadda ake gane tafasar ruwa a cikin famfon ban ruwa, a kuma kashe ta

A watan Mayu, idan ruwan Isa ya ja da baya a Yamai, masu lambu na Saga da Gamkale sukan ƙara tsawon tiyo su bar inji a inda yake tun lokacin sanyi. A nan ne famfo ke soma ƙara kamar yana niƙa tsakuwa, ruwa kuma ya rage. Makanikai na kiran wannan kabitasiyo.

Famfo ba ya jawo ruwa da ƙarfinsa. Abin da yake yi shi ne ya rage matsi a tsakiyar turbin, wato fankar da ke juyawa a cikinsa, sai nauyin iskar sararin sama ya turo ruwa cikin tiyo. A Yamai wannan turin ya kai mita 10.1 na ruwa, kuma babu injin da zai ƙara masa ko taƙi ɗaya. Idan matsi ya faɗi sosai, ruwa yakan tafasa ko da yana da sanyi, ya fitar da ƙananan kumfa na tururi. Da kumfan sun shiga tsakanin fikafikan turbin, inda matsi ya tashi, sai su rushe nan take, ruwa ya daki ƙarfe a wuri ƙanƙani. Dukan da ake ta maimaitawa shi ke gajiyar da ƙarfe har ya riƙa ɓantarewa.

Da farko a tabbatar da cutar. Inji na aiki, a rage ruwan da ke fita, a bakin fita, sannu a hankali. In ƙarar ta lafa, tafasar ce, domin ƙarancin ruwa ya rage asarar matsi a cikin tiyo. In ba ta lafa ba, kuma ruwan na fitowa da tofi, iska ce ke shiga ta wani haɗi, sai a ɗaure shi. Kada a taɓa matse ɓangaren tsotsa, wannan ƙara wa cutar ƙarfi ne.

Sai lissafi. Daga 10.1 ɗin nan ake cire abu uku: tsayi daga fuskar ruwa zuwa tsakiyar famfo, asarar gogayya a cikin tiyo da matatar bakinsa, da kuma abin da zafin ruwa ke ci, wato mita 0.4 a digiri 30. Abin da ya rage dole ya wuce adadin da aka rubuta NPSH a takardar famfo, wato mafi ƙarancin matsin da famfo ke buƙata a bakin tsotsa, da rabin mita aƙalla. Mita ɗaya ya fi kwanciyar hankali.

A ɗauki famfo mai inci 3 da ke ba da lita 30,000 a awa, takardarsa ta ce mita 3. Tsayi ya zama mita 5, tiyo mita 20. Ruwa na gudun kusan mita 1.9 a daƙiƙa, tiyo da matata suna cin kamar mita 2. Lissafin ke nan:

```
10.1 - 5 - 2 - 0.4 = 2.7
```

Bai kai 3 ba, saboda haka turbin na shan duka. Yanzu a sauko da inji mita 2 a gangaren gaɓa, a yanke tiyo ya koma mita 10. Asara ta sauka wajen 1.3, abin da ya rage ya zama 5.4. An warke ba tare da sayen komai ba. Tsayin da za a auna na tsaye ne, ba tsawon tiyon da ke kwance a ƙasa ba, kuma a auna shi inji na aiki, musamman a rijiya, inda ruwa ke sauka idan ana ja.

Wanda ya saka tiyo mai inci 2 a bakin inci 3 don araha ya yi wa kansa tsada: a ruwa daidai wannan, gogayyar tiyo takan ninka kusan sau bakwai. A duba matata ma, ciyawa da leda na toshe ta. Tsohon tiyo kuwa yakan lotse daga ciki alhali bayansa lafiya lau. In ba damar sauko da inji, a rage masa gudu.

Daga ƙarshe a buɗe famfo a dubi turbin. Cin tafasa ramuka ne masu kaushi kamar saƙar zuma, kusa da mashigar ruwa, a bayan bakin fikafikai. Cin yashi kuwa sumul yake, mai layi-layi. Turbin na alminiyam ko narkakken baƙin ƙarfe ya fi saurin cinyewa bisa na tagulla. Idan fiffike ɗaya ya fi sauran cinyewa, inji zai riƙa girgiza, ya lalata rulma, wato ƙwallayen da sandar turbin ke juyawa a kansu, da robar da ke hana yoyo, don haka a duba su tare. A gyara tsayi da tiyo kafin a saka sabon turbin, in ba haka ba shi ma zai cinye a wuri guda.