Yadda ake gane irin robar da ba ta da lamba, da ruwa da wuta da asiton

Idan roba tana da lambar nan ta cikin kusurwa uku a gindinta, daga 1 zuwa 7, ai ba sai an faɗa maka komai ba, ka karanta ka wuce. Matsalar ita ce yawancin kayan da ke zuwa hannunmu daga wajen 'yan bola jari ɓallin kujera ne, ɓallin bokiti, bayan talabijin, ko ma an riga an niƙe su an cika buhu, babu lamba babu komai. Nan ne yaran da nake koya wa suke faɗuwa, kuma kusan duk a wuri ɗaya, wato wajen ruwa. Don haka zan daɗe a kan ruwan, sauran na bi su da sauri.

Ka fara da yanko 'yar ƙaramar roba kamar girman farcen babban yatsa, daga wurin da yake da kauri, ba mai rami ba, ba mai fenti ko sitika ba. Ka wanke ta. Ka zuba ruwa a kofin gilas ka ɗiga sabulun ruwa ɗigo ɗaya tak, sannan ka danna robar har ƙasa da tsinke ka girgiza ta ka saki. Sabulun nan ba ado ba ne. Busasshiyar roba ƙananan kumfan iska suna manne mata, sai ka ga abin da ya kamata ya nutse yana yawo a sama kamar kwale-kwale, kai kuma ka rubuta ƙarya a littafinka.

Ruwa nauyinsa giram 1 ne a kowace mililita, wato mililita ɗaya giram ɗaya. Duk abin da bai kai haka ba zai taso. Robar PP ta kujera da baho tana wajen 0.90, PE na leda wajen 0.92, PE na jarka wajen 0.95, duk waɗannan sama suke. PS da ABS, robobi masu tauri irin na bayan talabijin, suna wajen 1.05, sai su nutse a hankali kamar ba sa so. PET na gorar ruwa da PVC na bututu suna wajen 1.4, su kam tsulum suke yi kamar tsakuwa. In kana so ka raba masu nutsewa gida biyu sai ka haɗa ruwan gishiri, giram 360 a lita ɗaya, ka yi ta motsawa har gishirin ya daina narkewa, wannan zai kai wajen 1.2. PS da ABS da nailan za su taso a cikinsa, PET da PVC su ci gaba da zama a ƙasa.

To duk wannan a takarda daidai yake, amma ga inda na sha kashi. Wata shekara aka kawo min buhunan niƙaƙƙiyar roba ruwan toka aka ce PP ce, na ɗebo na watsa a ruwa sai na ga kusan duka ta nutse. Na ce wa mai kayan malam ka zo ka kwashi kayanka, wannan ba PP ba ce, muka yi ta cacar baki, ya kwashe ya tafi ya sayar wa wani. Ashe shi ne da gaskiya. PP ce, amma an cika ta da garin alli tun daga kamfanin da ya fara yin ta, abin da muke ce wa kalsiyam. Garin nan ya fi roba araha nesa ba kusa ba, shi ya sa masu yin kujera da baho suke zuba shi. Nauyinsa wajen 2.7 ne, kuma da zarar ya kai kamar kashi 15 cikin ɗari a cikin PP, to robar ta wuce nauyin ruwa, za ta nutse. Kenan idan roba ta taso, in dai ba mai kumfa a ciki ba ce, kana iya cewa PE ce ko PP da ƙwarin gwiwa. Idan ta nutse kuwa ba ka san komai ba tukuna, kada ka buɗe baki ka yanke hukunci.

Tun daga nan na daina yarda da tasowa da nutsewa kawai, sai na auna ainihin lambar. Kana buƙatar ƙaramin sikelin nan na masu sayar da zinare mai nuna 0.01 na giram, ba shi da tsada, kuma ni a ganina duk wanda ba zai iya sayen sa ba bai shirya wannan sana'ar ba. Ka auna robar a bushe ka rubuta. Ka ɗora kofin ruwa a kan sikelin ka mai da shi sifili. Ka ɗaure robar da siririn zare ka rataye ta cikin ruwan, ta nutse gaba ɗaya amma kada ta taɓa gindin kofi ko gefensa. Lambar da sikelin ya nuna yanzu ita ce girman robar a mililita. Sai ka raba ta farko da ta biyu.

Bari na nuna maka da wani ɓallin ƙafar kujera da na gwada. A bushe giram 4.62, a rataye cikin ruwa sikeli ya nuna 4.40. Ka raba, 1.05 kenan. Ɗan koyo da ya haddace tebur zai daka tsalle ya ce PS ce ko ABS, don lambar ta faɗa daidai a kansu. Amma PP mai kashi 20 na kalsiyam ita ma kusan nan take faɗawa, wajen 1.04. Mutum uku ke nan ake zargi, sikeli ya gama nasa aikin, ba zai iya raba su ba.

Sai wuta. A waje ake yi, inda iska ke kaɗawa, da filaya, da kwanon ruwa a gefe, kuma siririn yanki kamar ƙwayar shinkafa biyu ya isa. Ni laita ta gas nake amfani da ita, kyandir ba na son sa don shi kansa yana da hayaƙi da ƙamshin da zai ruɗe ka. Ka kunna gefen robar, ka janye laitar, ka kalli abu uku, ta ci gaba da ci ko ta mutu, wane irin hayaƙi take yi, tana ɗiga ko a'a. Warin kuma bayan ka kashe wutar ake ji, ka fifito shi da hannu zuwa hancinka kaɗan, ba ka cusa hanci kamar mai sunsunar turare ba. PE da PP wutarsu shuɗiya ce a gindi rawaya a sama, hayaƙi kaɗan, suna ɗiga, kuma warin kamar an kashe kyandir, na PP ya ɗan fi kaifi. PS da ABS baƙin hayaƙi suke yi mai kauri har ka ga baƙaƙen zaruruwa suna yawo a iska suna sauka a rigarka. Nailan wari yake kamar an babbake gashi. PVC kuwa da ka janye wutar sai ta mutu da kanta, ta bar baƙin gawayi, warin yana yakushin hanci da maƙogwaro don asid ne yake fita, kada ka sake shaƙa karo na biyu.

Ƙafar kujerar nan tawa da na kunna ta, ba baƙin hayaƙi, wuta shuɗiya a gindi, warin kyandir, amma ba ta ɗiga sosai kamar yadda tsantsar PP ke yi ba, kuma da ta cinye sai ga farar toka a bakin filaya. Tsantsar PP ba ta barin toka haka. Na kankare tokar a kan faranti na matsa mata lemun tsami, sai ta fara tsiitsii tana kumfa. Kalsiyam ke nan. Da garin talak ne aka zuba, wato irin na hoda, tokar za ta fito amma ba za ta yi kumfa ba.

In kana zargin PVC akwai gwajin da ya fi wari aminci. Ka samu wayar tagulla ta lantarki ka feƙe ta, ka gasa bakinta a wutar gas har ta daina canza wa wutar launi, ka dangwala ta a jikin robar da zafinta, ka mai da ita cikin wuta. Idan wutar ta yi kore shar, akwai kulorin, alamar PVC ke nan. Masu tara gorar PET su riƙe wannan da kyau, don PET da PVC nauyinsu kusan ɗaya ne ruwa ba ya raba su, kuma PET sai wajen digiri 250 take narkewa, PVC kuwa kafin a kai nan ta ƙone, 'yar kaɗan ta isa ta ɓata maka kaya da baƙaƙen ɗigo ta kuma ci ƙarfen inji.

Asiton, ruwan kemikal ɗin da ake goge jan farce da shi, abu ne mai sauƙi, sai dai ka kashe duk wata wuta ka matsa nesa kafin ka buɗe kwalbar, kama wuta yake kamar fetur. Ka nemi tsantsarsa a shagon kayan kemikal, abin goge jan farce na mata wani an sirka shi, wani ma babu asiton ɗin a ciki sam. Ɗigo ɗaya a jikin robar, ka jira minti ɗaya, ka shafa da yatsa. PS da ABS za su yi danƙo su bar shatin yatsanka, PVC ta ɗan yi laushi ta kumbura in ta jima a ciki, PE da PP ko a jikinsu. Ƙafar kujerar tawa ba abin da ya same ta, asiton ɗin ya bushe ya bar ta yadda take. PS da ABS sun fita kenan, saura PP mai kalsiyam.

Infirared kuma ba abin gida ba ne, na'ura ce da ake kira FTIR, mai haska robar ta fitar da zane mai tsinaye a kan lambobi, ana samun ta a ɗakunan gwaji na wasu jami'o'i, ka biya kuɗi a kan kowane samfur. Ni ba na kai wa sai kayan sun kai tan-tan ko rigima ta taso tsakanina da mai saye. Ka ce a yi maka da ATR, wato hanyar da ake danna robar kai tsaye a kan idon na'urar, kuma ka kankare saman robar tukuna don na'urar fatar sama kawai take karantawa, in fenti ne ko datti to shi za ta gaya maka. A takardar da za su ba ka, PP tana da tsini mai ƙarfi wajen 1377, PE tana da nata wajen 720, PET wajen 1715, ABS ɗan siriri wajen 2237 wanda PS ba ta da shi. Kalsiyam yana fitowa da faffaɗan tudu wajen 1420 da siririn tsini wajen 875. Kada ka yarda da sunan da kwamfuta ta buga a sama kawai, ka sa su nuna maka tsinayen da idonka, musamman in robar baƙa ce wuluk, don baƙin garin da ake rina ta da shi yana shanye hasken ya karkatar da zanen gaba ɗaya. Baƙar roba ni na fi dogara da sikeli da laita a kanta.