Wanda ya ce a daina turo masa imel, kar ku goge shi

'Yan uwa masu tura imel na talla, musamman 'yan Nima da Madina a Accra, ga wata dabara.

Idan mutum ya ce ku daina turo masa saƙo, kar ku goge adireshinsa. Ku mayar da shi wani jerin daban na waɗanda ba a tura musu, da ranar da ya faɗa. Adireshi da rana kawai, sauran bayanansa ku share.

Ga dalili. A ce Hajiya mai shagon atamfa ta ce a cire ta, kun goge ta. Bayan wata biyu yaronku ya kwafo tsofaffin adiresoshi daga littafin kwastomomi, sai ga Hajiya ta dawo. Wannan karon ba za ta roƙe ku ba, `Report spam` za ta danna. Gmail kuwa na so irin wannan ƙorafin ya kasance ƙasa da kashi 0.3 cikin ɗari, wato mutum uku cikin dubu. In kun wuce haka, har saƙon kwastomominku na gaskiya ya fara ɓacewa. Don haka kafin kowane turi, ku tace da jerin nan.

Layin fita ma, wato wurin da mutum zai danna a cire shi, ku sa shi inda ido zai gani, kar ku ce sai mutum ya kira waya.

Amma fa dabarar ba ta halatta jerin da aka sayo. Dokar kare bayanai ta Gana ta 2012 ta ce sai da rubutacciyar amincewar mutum kafin a yi amfani da bayanansa wajen tallata masa kaya. Haka kuma in kowane ma'aikaci na turawa daga nasa akwatin, jerin waɗanda ba a tura musu bai da amfani sai kowa na duba guda ɗaya.